Bayan An Gama Gwaji: Yadda Ake Ɗaure Sakamako Da Hasashe A Rahoton Kemistiri

 A wannan fitowar, allonmu ya leƙa ɗakin gwaje-gwajen kemistiri na jami'a ne.

A nan sakandare, idan muka yi gwaji irin na jarrabawar WAEC ko NECO, mukan cike jadawali, mu yi lissafi, mu ja layi a ƙarƙashin amsa, shi ke nan. A jami'a aikin bai ƙare a nan ba. Ana buƙatar cikakken rahoto mai gabatarwa, da hasashe, da hanyar da aka bi, da sakamako, sannan sassa biyu na ƙarshe, wato tattaunawa da kammalawa. Waɗannan biyun ne za mu duba. Aikinsu guda ne: su koma kan hasashen da aka rubuta tun farko, su faɗa wa mai karatu ko lambobin da aka samo sun goyi bayansa, ko sun rushe shi, ko kuwa sun yarda da wani sashe sun ƙi wani. Da Turanci ake rubuta rahoton a jami'o'inmu, amma tsarin tunanin ɗaya ne a kowane harshe, don haka za mu kawo misalan da Hausa.

Gwajin da muka zaɓa

Akwai wani sanannen gwaji da ake auna tasirin zafi a kan saurin haɗuwar sinadarai da shi. Ana zana alamar X a farar takarda, a ɗora kwalbar gwaji a kanta. A cikin kwalbar akwai 50 cm³ na ruwan sodiyam tayosalfet mai ƙarfin 0.05 mol/dm³. Sai a zuba masa 5 cm³ na haidirokulorik asid mai ƙarfin 2 mol/dm³, a danna agogo nan take, a riƙa leƙawa ta bakin kwalbar. Abin da ke faruwa a ciki shi ne:

Na₂S₂O₃ + 2HCl → 2NaCl + SO₂ + S + H₂O

Wannan S ɗin farar wuta ce. Ba ta narkewa a ruwa, saboda haka ruwan da yake garau sai ya fara gurɓata, ya yi fari-fari, ya koma rawaya-rawaya, har alamar X ta ɓace wa ido. Da ta ɓace sai a tsayar da agogo. Ana maimaita wannan a zafi daban-daban. Idan lokacin ya yi gajere, haɗuwar ta yi sauri. Idan ya yi tsawo, ta yi nawa. A kula, iskar SO₂ da ke fita tana shaƙe mutum, musamman mai asma, shi ya sa ba a cusa hanci a bakin kwalbar.

Mu ɗauka ɗalibi ya rubuta wannan hasashen kafin ya taɓa kwalba: "Idan aka ƙara zafi da digiri 10, saurin haɗuwar zai ninka sau biyu, wato lokacin ɓacewar alamar X zai ragu zuwa rabi." Hasashe ne mai kyau, domin yana da lamba a cikinsa, kuma gwaji zai iya ƙaryata shi. Tushensa wata tsohuwar ƙa'ida ce ta kirdado da littattafan kemistiri ke yawan ambata.

Ga sakamakon da za mu yi aiki da shi. Mu muka tsara lambobin domin misali. Kowanne matsakaicin gwaji uku ne, kuma gwaje-gwajen ukun ba su kauce wa matsakaicin da fiye da sakan 1 ba.

Digiri 30: sakan 60
Digiri 40: sakan 35
Digiri 50: sakan 21
Digiri 60: sakan 14

Jimlar farko ta tattaunawa

Abin da ɗalibai suka fi yi a nan shi ne su sake karanto jadawalin: a digiri 30 an sami sakan 60, a digiri 40 an sami sakan 35, haka har ƙasa. Malami ya riga ya gani a sashen sakamako, bai buƙatar a maimaita masa. Wasu kuma sukan rubuta, "Da zafi ya ƙaru, sauri ya ƙaru, saboda haka hasashenmu ya tabbata." Wannan ya fi na farko haɗari, domin ya yi kama da gaskiya alhali ba abin da hasashen ya ce ke nan ba. Hasashen bai tsaya ga cewa sauri zai ƙaru ba, cewa ya yi zai ninka sau biyu.

To mu tambayi hasashen: da a ce gaskiya ne, waɗanne lambobi za mu gani? Idan muka fara da sakan 60, sai mu ga 30, sannan 15, sannan 7.5. Abin da muka samu kuwa 35 ne, da 21, da 14. Tun daga nan an ga rata. Don a auna ta sosai, sai a raba kowane lokaci da wanda ke bi masa. 60 a raba da 35 ya ba da 1.71. 35 a raba da 21 ya ba da 1.67. 21 a raba da 14 ya ba da 1.50. Hasashe ya ce 2, gwaji ya ce tsakanin 1.5 da 1.7.

Ashe hasashen gida biyu ne. Gida na farko ya ce zafi zai ƙara sauri, wannan sakamako ya goyi bayansa a kowane mataki. Gida na biyu ya ce ƙarin zai kai ninki biyu, wannan kuma bai samu ba ko sau ɗaya. Don haka tattaunawar za ta iya buɗewa kamar haka:

"An yi hasashen cewa ƙarin digiri 10 zai ninka saurin haɗuwar sau biyu. Sakamakon ya nuna saurin yana ƙaruwa a duk lokacin da aka ƙara zafi, amma ninkin da aka samu 1.71 ne, da 1.67, da 1.50, duk ƙasa da 2. Sakamakon ya goyi bayan alkiblar hasashen, bai goyi bayan adadinsa ba."

Jimla uku ke nan, kuma mai karatu ya san inda aka dosa. Sauran tattaunawar kare wannan hukuncin za ta yi.

Shin kuskuren awo ne ya jawo ratar?

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne rahoto mai kyau ke rabuwa da na cike takarda. Mai karatu yana da damar ya ce, "Wataƙila ninkin 2 ne na gaskiya, ku ne ba ku auna daidai ba." Dole tattaunawa ta amsa masa, kuma da lamba za ta amsa.

Amsar da aka saba gani ita ce, "An sami bambanci saboda kuskuren ɗan Adam da rashin ingancin kayan aiki." A ganinmu wannan jimlar ba ta da amfani ko kaɗan, domin za a iya liƙa ta a ƙarshen kowane rahoto, na kemistiri ne ko na fiziks, ba tare da an canja harafi ba. Duk kuskuren da za a ambata, sai a faɗi abu uku a kansa: mene ne shi takamaimai, wane ɓangare yake jan sakamako, sama ko ƙasa, kuma nawa ne girmansa. Idan an samu waɗannan ukun, sai a duba ko ya isa ya cike ratar da ke tsakanin 1.7 da 2.

Mu fara da agogo. Ɓacewar alamar X ba lokaci guda take faruwa ba, a hankali take dusashewa, kuma ido ne alƙali. Gwaje-gwajenmu uku sun nuna kai-komon bai wuce sakan 1 ba. To mu ba hasashen duk wata dama. Mu ce lokacin digiri 30 sakan 61 ne, na digiri 40 kuma sakan 34. 61 a raba da 34 ya ba da 1.79. Har yanzu bai kai 2 ba. Kafin ninkin ya kai 2, sai lokacin digiri 40 ya sauko daga 35 zuwa 30, sakan biyar cur, wanda ya ninka kai-komon da muka gani sau biyar. Agogo shi kaɗai ba zai ɗauki laifin ba.

Amma wannan sakan ɗayan ba nauyinsa ɗaya a ko'ina ba. A cikin sakan 60, bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. A cikin sakan 14, kashi 7 ne cikin ɗari. Idan muka yi wa matakin ƙarshe irin lissafin da muka yi ɗazu, ninkinsa zai iya zama 22 a raba da 13, wato 1.69, ko 20 a raba da 15, wato 1.33. Wannan faɗin ya yi yawa. Abin da ya dace ɗalibi ya rubuta shi ne, ninkin 1.50 shi ne mafi rauni a cikin ukun, ba za a jingina hukunci a kansa ba. Ba goge shi za a yi daga jadawali ba. Yana nan, sai dai an faɗi iyakarsa.

Sai kuskure na biyu, wanda ya fi ban sha'awa, domin shi gefe guda yake ja kullum, kuma maimaita gwaji sau goma ba zai kawar da shi ba. Mu ɗauka ruwan tayosalfet kaɗai aka ɗumama, asid ɗin kuwa yana nan a zafin ɗaki, digiri 30. Da an zuba shi, zai ɗan sanyaya cakudar. Ana iya ƙiyasta nawa. A gwajin digiri 40, an haɗa 50 cm³ mai digiri 40 da 5 cm³ mai digiri 30:

(50 × 40 + 5 × 30) ÷ 55 = 39.1

Ashe gwajin da aka rubuta masa digiri 40, a kusan digiri 39.1 aka yi shi. Na 50 ya koma 48.2, na 60 ya koma 57.3. Na digiri 30 ne kawai bai motsa ba, tunda ruwan biyu zafinsu ɗaya. Ma'anar wannan ita ce tazarar kowane mataki digiri 9.1 ce, ba 10 ba. Tunda ƙarin zafin bai cika ba, dole ninkin da aka auna ya gaza na gaskiya. Wannan kuskuren yana jan sakamako ƙasa, daidai ɓangaren da ratar take. Don haka abin zargi ne na gaske, kuma sai an auna shi.

Idan digiri 9.1 ya ba da ninki 1.71, cikakken digiri 10 zai ba da kusan 1.8. Ana samun wannan ta ɗaga 1.71 zuwa ƙarfin 10 ÷ 9.1. An matso kusa da 2, amma ba a kai ba. Ko da mun haɗa kurakuran biyu a mafi munin hali, muka ɗauki 1.79 ɗin nan muka yi masa wannan gyaran, 1.90 za mu samu. Yanzu ɗalibi yana da hujjar rubuta jimla mai ƙarfi: "Kurakuran da aka gano sun rage ratar, amma ko an haɗa su ba su cike ta ba."

Wani abin lura a gefe. Ba kowane kuskure ne ke taɓa hasashe ba. A ce mai leƙen kwalbar idonsa na da kaifi, yana ganin alamar X har bayan ta ɓace wa sauran mutane. Duk lokutansa za su yi tsawo da kusan kaso iri ɗaya, kuma idan aka raba ɗaya da ɗaya, wannan kason zai fice. Muddin mutum ɗaya ne ya leƙa daga farko har ƙarshe, da takarda ɗaya, da haske ɗaya, ninkin ba zai canja sosai ba. Matsalar tana zuwa ne idan abokan rukuni suka yi karɓa-karɓa, wannan ya duba na digiri 30, wancan ya duba na 40. Idan haka ta faru, a faɗa a rahoto. Idan ba ta faru ba, babu dalilin ɓata layi a kai.

Me ya sa ba 2 ba?

An nuna ratar ta gaske ce. Saura a bayyana ta da ilimin da aka koya a aji. Wasu a nan sukan kwafo shafi guda daga littafi a kan yadda ƙwayoyin sinadari ke karo da juna, ba tare da sun waiwayi lambobinsu ba. Abin da ake so kaɗan ne, amma ya taɓa sakamakon kai tsaye.

Ba kowane karo tsakanin ƙwayoyin sinadari ne ke haifar da sabon abu ba. Sai karon da ƙarfinsa ya kai wani mizani, wanda ake rubutawa da alamar Ea. Ku ɗauke shi kamar katangar da sai an tsallake ta. Ƙara zafi yana ƙara yawan ƙwayoyin da ke da kuzarin tsallakewa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, shi ne a shekarar 1889 ya yi wa wannan dangantakar bayani, kuma lissafin yana ɗauke da sunansa har yau. Idan muna da lokuta biyu a zafi biyu, ana iya rubuta shi haka:

ln(t₁/t₂) = (Ea/R) × (1/T₁ − 1/T₂)

A nan R shi ne 8.314 J/(mol·K), zafin kuma a ma'aunin Kelbin ake sa shi, wato a ƙara 273 a kan digirin da aka auna. Lissafin yana koya mana cewa ninkin ya dogara ne da tsayin katangar. Kafin sauri ya ninka sau biyu daidai tsakanin digiri 30 da 40, sai Ea ya kai kusan 55 kJ/mol. Idan muka sa lambobinmu, sakan 60 da 35, abin da ke fitowa kusan 43 kJ/mol ne, ko kusan 47 bayan an gyara zafin zuwa 39.1. Duka biyun ƙasa suke da 55. Katangar da ba ta da tsayi sosai, ƙarin zafi ba ya canja yawan masu tsallake ta da yawa, shi ya sa ninkin ya tsaya ƙasa da 2.

Lissafin ya kuma bayyana wani abu da ke cikin jadawalin, wanda mai gaggawa zai wuce bai gani ba. Ninkin yana raguwa yayin da zafi ke hawa: 1.71, sannan 1.67. Haka lissafin Arrhenius ya ce za a gani, domin bambancin 1/T₁ da 1/T₂ yana ƙanƙancewa a zafi mai yawa. Idan aka bi shi zuwa matakin ƙarshe, ninkin da ake sa rai kusan 1.62 ne, wato sakan 13 a digiri 60. Mun sami 14, bambancin sakan ɗaya, wanda ke cikin kai-komon agogonmu. Ga shi kuma kwalbar da aka ciro daga ruwan zafi aka ɗora a takarda ta fi saurin hucewa a digiri 60 fiye da a 40. Lambar da ta yi kamar ta fita daga layi ta sami mazauni.

Kafin a rufe tattaunawa, a faɗi abin da awon ya jingina a kai. Mun ɗauki gajartar lokaci a matsayin ma'aunin sauri, bisa zaton cewa adadin farar wuta iri ɗaya ne ke rufe alamar X a kowane gwaji. Zato ne mai ma'ana, amma zato ne, a rubuta shi. Shawarwarin gyara kuma su fito daga kurakuran da aka riga aka auna: a ɗumama asid ɗin tare da tayosalfet a ruwan zafi ɗaya, a auna zafin cakudar bayan an haɗa da kuma bayan alamar ta ɓace a ɗauki matsakaici, a kuma rage ƙarfin tayosalfet a duk gwaje-gwajen domin lokutan su yi tsawo, sakan ɗaya ya daina yin nauyi. "A ƙara kula nan gaba" ba shawara ba ce.

Kammalawa

Ita gajeruwa ce, sakin layi ɗaya ya isa. Ba a kawo sabuwar lamba ko sabon dalili a cikinta; duk abin da ta faɗa, tattaunawa ta riga ta kafa shi. Ba kuma wurin cewa "gwajin ya yi nasara" ko "mun koyi abubuwa da yawa" ba ne. Hanyar gwada ta ita ce a ɗauko hasashen daga shafin farko a ajiye kusa da ita, a karanta su a jere kamar tambaya da amsa. Ga tamu:

"An gwada hasashen cewa ƙarin digiri 10 yana ninka saurin haɗuwar sodiyam tayosalfet da haidirokulorik asid sau biyu. Tsakanin digiri 30 da 60, saurin ya ƙaru a kowane mataki, amma da ninki kusan 1.7 a matakai biyun da aka fi amincewa da su, ko kusan 1.8 bayan gyaran zafi. Kai-komon lokaci na sakan 1 da sanyayawar asid ba su isa su kai ninkin zuwa 2 ba. Saboda haka sakamakon ya goyi bayan cewa zafi yana ƙara sauri, amma bai goyi bayan ninki biyu ba ga wannan haɗuwar a wannan tazarar zafi, abin da ya dace da Ea na 43 zuwa 47 kJ/mol."

Ku dubi kalmomin da aka zaɓa. An ce "ya goyi baya", ba a ce "ya tabbatar" ba, domin zafi huɗu a yammaci ɗaya ba sa tabbatar da doka. An ce "ga wannan haɗuwar" da "a wannan tazarar zafi", domin wata haɗuwar mai Ea kusan 55 kJ/mol za ta iya ninkawa sau biyu, kuma ba mu auna komai ƙasa da digiri 30 ko sama da 60 ba.

Akwai jarabar da ke zuwa wa ɗalibi a daidai wannan gaɓar: ya koma shafin farko ya gyara hasashen ya zama "zafi zai ƙara sauri" kawai, ko ya taɓa sakan 35 ya mayar da shi 30. Na biyun ƙirƙirar sakamako ne, laifi ne babba a jami'a, kuma malamin da ya daɗe yana duba wannan gwajin yakan yi shakkar lambobin da suka faɗo daidai 60, 30, 15. Na farkon kuwa yana kashe rahoton ne, domin da zarar an cire lambar 2 daga hasashen, lissafin 1.79 da gyaran digiri 39.1 da kwatancin 55 da 47 duk sun rasa abin da za su amsa. A bar hasashen yadda aka rubuta shi kafin a zuba asid, a rubuta hukuncin a ƙarƙashinsa.